"Kano ce mana, ba ka ga hulunansu ba?"

Wani hoto ne aka turo guruf ɗin danginmu na WhatsApp a watan Agusta, ana tsakiyar damina, an rubuta a ƙasansa wai yau da safe ne a Kurna aka zo aka rushe wa talakawa rumfunansu a bakin masallaci. A cikin hoton akwai ɗan ƙaramin masallaci mai fenti kore da fari da lasifika a sama, ga butoci an jera a bakin ƙofa, gefe guda teburin mai shayi ne an ture shi benci ya kife, can baya kuma mai tsire ne tsaye kusa da tukubarsa ya riƙe ƙugu, sai maza kamar goma sha biyu yawanci da kaftani da hula, da wata mata mai dogon hijabi tana wucewa, da adaidaita sahu guda ɗaya ruwan ɗorawa. Kafin azahar an yi ta Allah ya isa a guruf ɗin har wasu sun fara turawa gaba. Ni dai na ce a ɗan dakata tukuna, anya Kano ce wannan? Sai Kawu ya turo min murya yana cewa, "Kai yaron nan ka cika gardama, Kano ce mana, ba ka ga hulunansu ba? Ga mai shayi ga masallaci ga adaidaita, me kuma kake nema?"

Maganar Kawu ita ce dalilin wannan rubutun, don kusan kowa haka yake karanta hoto, har ni ɗin kafin in ɗan goge. Ka ga hula da kaftani ka ce Arewa, ka ga coci ka ce Kudu, ka ga mace ba mayafi ka ce ai wannan ba garinmu ba ne. Kuɗin goro kenan, kuma ban da rashin adalcin da ke ciki, yawanci ma kai mutum yake ga amsar da ba daidai ba.

Abin da na koya shi ne duk abin da ke cikin hoto kashi biyu ne. Akwai abin da yake tafiya da mutum duk inda ya je, akwai kuma abin da yake daure da wuri ba ya motsi. Tufafi da abinci da addini suna cikin kashin farko, a jaka ake ɗaukarsu, kuma Bahaushe kowa ya san matafiyi ne tun zamanin fataken goro. Sabo ta Ibadan tun 1916 take, ga Agege da Idi Araba a Legas, ga Zangon Kumasi da Nima a Accra, ga unguwar Briqueterie a Yawunde, ga Mai Wurno can Sudan inda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. Duk waɗannan wuraren za ka iya ɗaukar hoton maza goma sha biyu da hula da kaftani a bakin masallaci kusa da mai shayi, ka kawo Kano ka ce Fagge ce a yarda. To balle kuma Maraɗi da Damagaram, waɗanda in ba don iyakar da Turawa suka shata ba ai gida ɗaya ne. Saboda haka hula tana gaya maka cewa akwai masu sa hula a wurin, shikenan, ba ta ce komai ba tukuna a kan sunan garin.

Bari mu fara da tufafin tunda nan Kawu ya kafe.

Hular da ya gani a kan yawancin mutanen irin wadda muke kira zanna ce, kuma sunanta ma ya isa ya tuna maka cewa asalinta Borno ne, amma yau wa ya fi Bakano sa ta? Ɗan majalisa daga Kudu in zai zo neman ƙuri'a ita yake ɗorawa, ango a Yamai ita yake sawa. Shaddar da ke jikinsu kuma wataƙila daga Kantin Kwari ta fito, amma Kwari ai ba Kano kaɗai take yi wa sutura ba, dilolin kaya kullum fita suke zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, ita kanta shaddar mai tsadar, gezna, daga Ostiriya ake kawo ta. Haka lafaya, da can in ka ga mace ta naɗa ta sai ka ce Babarbariya ce ko Shuwa, yanzu kuwa je ka kowane ɗakin biki a Kano ka ƙirga, kuma irin wannan naɗin ne dai matan Sudan da na Muritaniya suke yi da nasu sunan. Wani abin ma da zai ba ka dariya, baƙin rawanin nan mai ƙyalli da in ka gani za ka ce Buzu ne daga Agadas, turkuɗi, a Kura nan kusa da mu aka daɗe ana rina shi ana bugawa ana kai musu. Kenan tufar da kake ɗauka alamar wani wuri ce mai nisa a bayan gidanku aka yi ta.

Akwai dattijo ɗaya a hoton da jar hula, wani ƙanina ya ce to ga hujja, ɗan Kwankwasiyya ne, Kano ce. Nan ma sai a hankali. Jar dara ta girmi siyasar yanzu nesa ba kusa ba, dattawa a Nijar suna sa ta, masu sarautar Ibo suna da tasu jar hular, a Tunisiya ma akwai. In ka ga mutum ɗari da fararen kaya da jajayen huluna ga fosta ga tuta, eh, wannan taron siyasa ne kuma ya gaya maka wani abu a kan wuri da zamani. Amma tsoho ɗaya da jar hula a bakin masallaci tsoho ne da jar hula kawai.

Ba wai tufafi ba su da amfani ba ne fa. Suna da shi, sai dai ba a inda mutane suke nema ba. Tufar da take da nauyi a wajen gane wuri ita ce wadda wata hukuma ko masarauta ta ɗora wa mutum, wato yunifom. Ɗan KAROTA da rigarsa ruwan ɗorawa ba za ka gan shi yana ba da hannu a Kumasi ba. Kayan 'yan makaranta da bajon da ke aljihun rigar, rigar 'yan ƙungiyar direbobi a tasha, kakin ɗan sanda, waɗannan duk a daure suke da wuri. Rawani mai kunne biyu a Kano alama ce ta gidan sarauta, shi ma yana rage maka faɗin nema, ko da yake kayan dogarai ja da kore ba Kano kaɗai ke da su ba, don haka ko shi sai ka haɗa da ginin da ke bayansu. Sannan tufafi sun fi iya faɗin lokaci a kan wuri, kuma nan ne hoton namu ya fara tonuwa. Da na zuƙo shi sai na ga mutum uku sun ɗora rigar sanyi a kan kaftani, ɗaya ya naɗe kunnuwansa da ƙyalle, sama ta yi fari fat da hazo, ƙasa busasshiya ƙura ko'ina, babu ko ɗigon taɓo. Wanda ya san Kurna a watan Agusta ya san ba haka take ba, hunturu ne wannan, tsakanin Disamba da Fabrairu. Tun ban san garin ba na riga na san kalmar "yau da safe" ƙarya ce.

Sai teburin mai shayi, wanda a wurina shi ne wuri mafi daɗin bincike a kowane hoton titi, ba don shayin ba, don tarkacen da ke kewaye da shi.

Shi abincin kansa mayaudari ne. Tsire dai babu inda bai je ba, a Legas suya, a Kamaru soya, a Gana cicinga, kuma sau da yawa mai tukubar ɗan uwanmu ne ko da kuwa duk masu sayen ba su jin ko "zo" da Hausa. Koko da ƙosai karin kumallon Accra ne na yau da kullum, har sunan Hausa suke haɗawa da kokon, abincinsu waakye da suke ji da shi daga shinkafa da wake sunan ya samo asali, tuwon zafi kuma abincin arewacin Gana ne da sunansa na Hausa. Kilishi kuwa in ka ce na Kano ne kaɗai mutanen Nijar za su yi maka dariya. Ko gurasa da muke tutiya da ita, wadda in ka ga an jera ta da ƙuli da albasa ana bandashe zuciyarka za ta ce Jakara, tana ƙara yiwuwar Kano ne amma ba ta rufe magana, don masu gurasa sun bazu garuruwa. Gwangwanin madara da katan ɗin indomi da ke teburin su ma ba hujja ba ne, kayan Najeriya sun cika kasuwannin Maraɗi, adaidaitar ma haka, ana tsallakawa da su.

To me za ka duba? Ka duba kuɗi, ka duba rubutu, ka duba lambar waya, ka duba lemar da aka kafa. A gefen teburin akwai wani kwali da aka jingina an rubuta farashi da alli, bai fito sosai ba saboda WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, sai na roƙi wanda ya turo ya nemo min wanda ya fi fitowa, aka yi sa'a wani ya turo shi a matsayin fayil, wato ta Document, wanda ba a matse shi. Da na zuƙo sai ga 100F da 250F. Wannan F ɗin faran ne, kuɗin sefa, babu mai shayin da zai rubuta haka a Kurna, mu ₦ muke sawa ko N ko ma lambar kawai. A Gana da GH₵ za ka gani. Sai burodin, maimakon namu mai kusurwa huɗu a leda, dogaye ne sirara an tsattsaya da su a kwali ba leda, irin na ƙasashen da Faransa ta raina. Burodin shi kaɗai ba zan rantse a kansa ba don akwai gidajen burodi a Kano da suke yin dogon, amma a teburin mai shayin unguwa, a haɗe da 100F, ya fara nauyi.

Bayan mai shayin akwai shago da allo a samansa. Sunan mai shagon ya fara da "Ets Elh." wanda mu da "Alh." za mu rubuta, mu ƙare da "& Sons" ko "Nig. Ltd". Wannan bambancin rubutun yana da kyau mutum ya riƙe shi, Hausa ɗaya muke yi da su amma hannun da ya koyi boko da Faransanci daban yake rubuta suna, inda muke sa u su ou suke sawa, Usman ya koma Ousmane, Musa ya koma Moussa, inda muke sa c sai ka ga tch. A ƙasan allon kuma ga lambar waya, lambobi takwas an raba su bibbiyu bibbiyu. Lambar Najeriya goma sha ɗaya ce tana farawa da irin su 080 ko 070 ko 090, ta Gana goma ce, ta Nijar takwas. In an sa lambar ƙasa ma ya fi sauƙi, +234 mu ne, +227 Nijar, +233 Gana. Lemar mai sayar da kati ja ce ta Airtel, wadda ba ta raba gardama don Airtel yana nan yana can, amma da ruwan ɗorawa ce ta MTN da sai in ja baya in sake tunani, tunda MTN ba ya aiki a Nijar, ko da yake tsohuwar lema ma tana iya tsallaka iyaka a bayan mota, ba a tambayarta fasfo.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da inda take karyewa, gara in faɗa. A garuruwan bakin iyaka irin Jibiya da Maigatari ana hada-hada da kuɗin biyu, kuma ɗan kasuwar da yake da kwastomomi a ɓangarorin biyu zai iya rubuta lambar waya biyu a allonsa, a Dawanau ma za ka iya ganin haka. Shi ya sa ba a yanke hukunci da alama ɗaya. Ƙa'idar da nake bi ita ce sai na samu aƙalla uku waɗanda ba su dogara da juna ba, wato ba mutum ɗaya ne ya samar da su duka ba. Allon shago da lambar da ke jikinsa alama ɗaya ce a wurina tunda mai shago ɗaya ne ya sa aka rubuta. Farashin mai shayi ta biyu. Ina neman ta uku, sai na koma masallacin.

Masallatan unguwa a ƙasar Hausa kusan duk kamarsu ɗaya, kore da fari, lasifika, butoci, tabarmi, 'yar hasumiya da wata da tauraro. Waɗanda ƙungiyoyin agaji na ƙasashen Larabawa suke ginawa ma sun fi rikitarwa don zubinsu ɗaya ne ko a Jigawa ko a Damagaram ko a Chadi. Amma irin waɗannan yawanci akwai ɗan allo na dutse ko ƙarfe da ake mannawa a bango mai sunan wanda ya ba da sadakar, da Larabci a sama da wani harshe a ƙasa, to wannan harshen na biyu shi ne abin nema. A hotonmu rabin allon ya fito, ba na iya karanta duka amma kalmar farko "Mosquée" ce ƙarara, ba "Mosque" ko "Masallacin" ba. Alama ta uku kenan, daga hannun da ba na mai shago ba ba na mai shayi ba.

Akwai masallatan da su kansu adireshi ne, waɗannan ba sa buƙatar wahala. Babban masallacin cikin gari na kusa da Gidan Rumfa da koren tulluwarsa da hasumiya biyu, wanda aka gina a siffarsa ta yanzu a farkon shekarun 1950, duk Bakano zai gane shi ko daga nesa. Hasumiyar ƙasa ta Agadas mai tsayin mita 27 da itatuwa a tsitstsire a jikinta babu irinta. Amma waɗannan 'yan kaɗan ne, kuma masu yaɗa hoton ƙarya ba su cika zaɓar wurin da kowa ya sani ba.

Wani amfanin masallaci da mutane ba su lura da shi ba shi ne yana ba ka gabas. Alƙibla daga Kano tana wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas ce da ta ɗan karkata arewa, to in ka ga inda ɗan ɗakin liman ya turo daga bango, ko inda sahu ya fuskanta, ka samu kamfas kyauta. Daga nan sai ka duba inuwa. In inuwar mutane ta miƙe ta yi bayan sahu safiya ce, in ta yi gaban sahu yamma ce. A hotonmu inuwar doguwa ce kuma ta yi wajen alƙibla, kenan bayan la'asar aka ɗauka, "da safe" ɗin ma ta faɗi. Sai dai kar ka ce za ka gane ƙasa da alƙibla, bambancin Kano da Kumasi digiri biyu zuwa uku ne kacal, ido ba zai gani a hoto ba, balle ma masallatai nawa ne aka daidaita su da awo.

Yanzu ga inda kuɗin goron ya fi yin ɓarna, wato lokacin da mutum ya tashi daga tambayar "ina ne nan" ya koma "su wane ne waɗannan". A guruf ɗin wata 'yar uwa ta ce ai masallacin 'yan Izala ne shi ya sa aka taɓa su, hujjarta wai ta ga mutum biyu da gemu da ɗangalallen wando. Gemu da wando ba allon masallaci ba ne. Har ƙabalu da wasu suke ɗauka tambarin Izala ne, mabiya Shehu Ibrahim Inyass a Kano suna yinsa tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978, an ma sha muhawara a kansa a garin nan a wancan zamanin. In kana son sanin masallacin su wane ne ka nemi abin da suka rubuta da kansu, sunan ƙungiya a bango, tambari, kakin 'yan agaji. Kuma ko ka samu bai ba ka gari ba, hoton Shehu a jikin shago ko mota za ka gan shi daga Kaulaha har Kumasi har Kano, Izala ma tana Nijar tana Gana.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, da a ce hoton coci ne da mata ba lulluɓi da mai sayar da garin rogo da manja, na tabbata Kawu zai ce wannan ba Kano ba ce, alhali yana iya zama Sabon Gari, wadda ta haura shekara ɗari a garin nan, da manyan coci-cocinta irin babban cocin Katolika na Our Lady of Fatima, da masallatan Yarabawa irin na Ansar-ud-Deen, da jikokin da a nan aka haifi kakanninsu kuma Hausarsu ta fi ta wasunmu. Allon coci ma yana da nasa karatun. In ka ga an rubuta lokutan sujada da Hausa, ko ka ga ECWA da kalmar Hausa a gefe, kar ka yi mamaki, akwai Hausawa Kirista a ƙauyukan Kano da Katsina da cikin birni, Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932 yake, kuma miliyoyin mutane a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da Hausa suke ibada. Sunan ɗarikar yana ɗan nuna inda tushenta yake, COCIN Filato, EYN kudancin Borno da arewacin Adamawa, LCCN wajen Numan, amma duk suna da rassa a manyan birane saboda mabiyansu ma matafiya ne kamar mu. Mutumin da ke tsaye a ƙofar cocin da babbar riga da hula zai iya zama fasto, zai iya zama maigadi Musulmi, zai iya zama mai wucewa ya tsaya shan inuwa, hoton bai gaya maka ba.

Wannan ba maganar ladabi ba ce kawai. Mu da aka kashe mana mafarauta 16 a Uromi a watan Maris na 2025 bayan an ɗauke su masu garkuwa da mutane, mun san abin da yake faruwa in aka kalli kamannin mutum da kayan da ke hannunsa aka yanke masa hukunci. To irin wannan karatun ne dai muke yi in muka ga hoton mai malafa da sanda muka rubuta ɗan bindiga a ƙasa, ko muka ga mace da wando muka ce ba 'yar Musulmi ba ce.

Dabarar da take taimaka min kar in zarme ita ce in rubuta abin da na gani daban da abin da nake zato. Ba na rubuta "Hausawa a bakin masallacin Izala", sai in rubuta "maza kamar 12, yawanci da kaftani da hula, uku da rigar sanyi, masallaci mai fenti kore da fari, allo da Larabci da Faransanci". In ka rubuta shi haka za ka ga da kanka wane ne ya fito daga hoton wane ne ya fito daga kanka. Sannan kowace alama in tambaye ta, a ina da ina ake samunki? In amsar ta zama ƙasa biyar, kamar hula da tsire da koren fenti, sai in ajiye ta gefe, ta ba ni yanki dai, wato inda Hausawa ko maƙwabtansu suke zaune. In kuma alamar tana raba wata ƙasa da wata, kamar 100F da lamba takwas da ba na Najeriya ba ne, ita nake bi. Kuma ina neman abin da zai ƙaryata ni da gangan, a nan na bi hoton lungu lungu ina neman ko da abu ɗaya na Najeriya wanda ba ya tsallaka iyaka, lambar mota mai "Centre of Commerce" da haruffan ƙaramar hukuma irin KMC ko DAL ko FGE, rumfar mai POS, fostar ɗan takara, ban samu ba. Lambar adaidaitar ba ta fito ba don ta gefe aka ɗauke ta. Akwai dai babura biyu ɗauke da fasinja kamar 'yan haya, wanda ya ɗan ƙara min ƙarfi tunda an hana acaɓa a Kano tun Janairun 2013, amma ban ba shi nauyi sosai ba, mutum yana iya goya ɗan uwansa. Na kuma saka hoton a Google Lens ko zan samu inda aka fara wallafa shi, bai kawo komai ba sai wasu masallatai masu kama da shi, wanda dama haka yake yawan yi da hotunan unguwanninmu.

Abin da na rubuta a guruf ɗin a ƙarshe shi ne, hoton nan ba na yau ba ne, da hunturu aka ɗauke shi kuma da yamma, kuma ba Kano ba ce, ƙasa ce mai amfani da sefa da Faransanci, mafi kusa Nijar saboda lambar waya takwas da yanayin ƙasar da darbejiyar da ke bayan masallacin. Ban ce Maraɗi ba ban ce Damagaram ba, don babu abin da ya raba min su a hoton, zai ma iya zama Tawa ko Ƙonni ko wata unguwa a Yamai. Ban kuma ce an yi rusau ko ba a yi ba, benci ɗaya a kife da tebur a ture ba su isa su nuna haka ba, babu katafila babu jami'i ko ɗaya, iska ma tana kifar da benci, rigimar kwastoma ma haka.

Kawu ya yi shiru har bayan isha'i, sannan ya sake turo murya. "To na ji, ɗan nan, na ga F ɗin da kake faɗa. Amma wallahi mai tsiren nan kamarsa ɗaya da wani yaro da na sani a Rijiyar Lemo." Na ce, "Allah ya ƙara girma Kawu, zai iya yiwuwa ma shi ne, ai suna zuwa ci-rani can kamar yadda nasu suke zuwa nan." Ya ce bari gobe in ya fita zai biya ya duba ko yaron yana nan.